Faɗanmu Ya Ƙare a Zaure, Amma Bai Ƙare a Gidanku Ba

Saura mako bakwai a ɗaura mata aure 'yar yayana ta zo gidana bayan la'asar. Ko lulluɓi ba ta cire ba ta miƙo min waya, ta ce, "Goggo, ki duba min wannan kafin in tura masa." Na karɓa na ga saƙo mai tsawon gaske, wanda daga gani cikin dare aka rubuta shi, da kuka kuma. Abin da take nema a ciki guda ɗaya ne: wanda zai aure ta ya daina kwashe duk saɓanin da suka samu yana kai wa mahaifiyarsa da yayyensa mata.

Ban bari ta tura shi a yadda yake ba, zan kuma faɗi dalili. Amma buƙatar da ke cikinsa gaskiya ce, kuma na daɗe ina ganin yadda rashin yin wannan magana a kan kari yake cin gidaje a hankali, kamar gara a jikin azara.

Ga yadda abin ya faro. Ita malama ce a wata makarantar firamare, shi kuma yana sayar da yadi a Kantin Kwari. Wani dare ya zo zance, magana ta biyo ta kan aikinta, ya ce shi dai da so samu ne ta ajiye koyarwa bayan biki. Ta tuna masa cewa tun farkon haɗuwarsu ya amince za ta ci gaba. Ya ce ai wancan lokacin daban. Rai ya ɓaci, ta ce masa, "Ba zan ajiye aikina ba, ko da za a fasa." Ya tashi ya tafi ba sallama. Kwana biyu bayan nan ya dawo, ta ba shi haƙuri a kan kalmar fasawa, shi ma ya yarda cewa shi ne ya sauya magana, suka daidaita a kan za ta ci gaba da aiki. A wurinsu an wuce wurin.

Mako uku bayan haka aka kawo lefe. Ina cikin waɗanda suka karɓa. Ana buɗe akwatuna ana guɗa, sai babbar yayarsa ta ce cikin dariya, "To ga akwati shida nan, a gaya wa amarya kada dai a fasa." Mata suka yi dariya, ni ma na yi, don ban san akwai wata a ƙasa ba. Da aka kai wa yarinyar labarin yadda aka yi a karɓar lefe, nan take ta gane kalmarta ce ta dawo mata ta bakin wadda ba ta wurin lokacin da aka faɗe ta. Na biyun ya fi ciwo. Sun yi musu a kan inda za su zauna, shi yana son sashen da aka ware masa a gidansu, ita tana son a kama haya ko ɗaki biyu ne. Ta aika masa saƙon murya na kusan minti huɗu tana cikin fushi, a ciki har ta ce ba ta son zaman gidan yawa. Shi kuwa ya tura wa yayar tasa saƙon sukutum. Ƙaramar ƙanwarsa, wadda suke shiri da ita, ita ce ta tsegunta mata cewa an saurare shi a ɗakin Hajiya. Daga ranar, idan ta kira Hajiya don gaisuwa, amsar ba ta wuce "lafiya lau, madalla, a gai da mutan gidan."

Wannan shi ne wurin da nake so mai karatu ya tsaya. Kowane faɗa na masoya rabi biyu gare shi. Akwai rabin fushi, akwai rabin shiri. Rabin fushi yana da labari, yana da kalmomin da za a iya maimaitawa, shi ya sa shi ne ake ɗauka a kai gida. Rabin shiri kuwa ba shi da abin ba da labari: ta kawo masa ruwa, ya yi murmushi, ta ce a yi haƙuri, ya ce ba komai. Babu saurayin da zai koma wurin mahaifiyarsa ya ce, "Hajiya, kin tuna maganar shekaranjiya? To ashe ni ne na saɓa alkawari, kuma ta ba ni haƙuri har ta yi hawaye." Kunya ba za ta bari ba, girman kai ma ba zai bari ba. Saboda haka shi ya yafe ya manta, domin yana da abin da ke wanke masa zuciya, wato son da yake mata. Mahaifiyarsa ba ta da wannan sabulun. Abin da ta sani kawai shi ne wata yarinya ta sa ɗanta ya shigo gida bai iya cin tuwo ba. Idan aka yi haka sau biyar kafin biki, amarya za ta shiga gidan da laifi biyar a rubuce a kanta, alhali a wurin mijinta ko ɗaya babu.

Kuma fa labarin da ake kaiwa ba cikakke ba ne ko a rabin nasa. Mai fushi ba ya fara labari daga inda shi ya yi kuskure, daga inda aka ɓata masa yake farawa. A gidan an ji "ko da za a fasa," ba a ji cewa shi ne ya janye alkawarin da ya yi ba. Ba ƙarya ya yi ba. Ya dai yanko tsakiyar zance ne ya bar kai da gindi.

Wani zai ce ai ita ma sai ta faɗi nata. A ina? Nan ne al'adarmu ta sa nauyin ya karkata gefe guda. Tsakanin mace da surukanta akwai kunya mai kauri. Yarinyar da ko sunan uwar mijinta ba za ta iya kamawa ba, wadda idan ta je gaisuwa durƙusawa take yi kanta a ƙasa, ta yaya za ta buɗe baki ta ce, "Hajiya, ba haka aka yi ba"? Idan ta yi, an samu laifi na shida, an ce ba ta da kunya. Idan ta yi shiru, an ce gaskiya ce ta ɗaure ta. An yi mata shari'a a ɗakin da ba ta da ikon shiga, an yanke hukunci, ba a kuma sanar da ita ba, sai dai ta riƙa gani a fuska. Sannan ita ce za a ɗauka a kai cikinsu. Ranar suna su ne a kanta, ranar rashin lafiya su ne, idan miji ya yi tafiya a hannunsu zai bar ta. Shi yana iya shekara bai kwana a gidan surukansa ba. Ita kuwa da danginsa za ta rayu.

Ba na ɗaukar saurayin a matsayin mugu, kuma na gaya wa 'yar tawa haka. Yawancin masu wannan hali ba da niyyar tozartawa suke yi ba. Yaro ne da ya tashi a gidan da komai sai an kai wa Hajiya, daga cinikin kasuwa har ciwon kai, kuma an yi ta yaba masa a kan haka ana cewa ɗan albarka ne, ba ya ɓoye wa uwarsa komai. Auren ma kansa ai ba shi kaɗai ya nema ba. Kawunnansa ne suka je gaisuwa, iyayensa mata ne suka haɗa lefe, wakilinsa ne zai karɓa masa aure daga hannun waliyyi ranar ɗaurin aure. Mutumin da aka yi wa duk wannan yana jin cewa danginsa suna da haƙƙin sanin yadda abubuwa ke tafiya. Ga kuma tambayar uwa, wadda ke karanta fuskar ɗanta tun daga bakin ƙofa: "Me ya same ka?" Shi a tunaninsa idan ya ce ba komai ya yi mata ƙarya, idan ya yi shiru ya saɓa mata. Bai taɓa zama ya bambance tsakanin biyayya da kai rahoto ba. Biyayya ita ce ya girmama ta, ya kula da ita, ya nemi albarkarta da shawararta. Babu inda aka ce sai ya maimaita mata kalmomin da wata 'yar mutane ta faɗa cikin fushi.

Akwai kuma abin da waya ta ƙara. A da faɗan zance a zaure yake tsayawa ko a dakalin ƙofar gida, iska ta kwashe shi. Idan ya yi tsanani abokin ango ne da ƙawar amarya suke shiga tsakani, su da suka san yadda ake rage magana kafin a isar da ita. Ko an kai ƙara gida, da baki ake kaiwa, kuma bayan kwana biyu an manta ainihin kalmomin. Yanzu fushi yana da murya da kwanan wata. Ana ɗaukar hoton hira a tura, ana jefa saƙon murya a zauren WhatsApp na 'yan gida, wanda ke Kaduna da wadda ke aure a Maraɗi duk su ji a dare ɗaya. Magana zarar bunu ce tun fil azal, amma yanzu bunun da aka zara ajiye shi ake yi, a ciro shi bayan shekara uku ranar da wani saɓanin ya taso.

Addini bai bar wannan fage a buɗe ba. Labarin da na fi so a kai shi ne wanda Bukhari ya ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'adu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya je gidan 'yarsa Nana Faɗima bai tarar da Sayyadina Aliyu ba. Da ya tambaya, abin da ta faɗa a taƙaice shi ne wani abu ya shiga tsakaninsu, ya yi fushi ya fita. Ba ta zayyana ba, shi ma bai tsaya tonawa ba. Ya sa aka nemo inda yake, ya same shi kwance a masallaci ƙasa ta taɓa jikinsa, ya riƙa share masa ƙasar yana kiransa Abu Turab, sunan da ya zama mafi soyuwa a wurinsa. A wannan labari akwai darasin mai ba da labari, akwai na mai tambaya. Ta faɗi gaskiya ba tare da ta tona ba, uban kuma ya tafi gyara, bai tafi neman mai laifi ba.

Sai aya ta 35 a Suratun Nisa'i, wadda ta yi umarni cewa idan aka ji tsoron ɓaraka tsakanin ma'aurata a tashi mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. A duba tsarin da kyau. Sai an ji tsoron rabuwa, ba kowane saɓani ba. Mutum ɗaya daga kowane ɓangare, ba gida duka ba. Kuma ɓangarori biyu, ba nasa kaɗai ba. Ayar a kan waɗanda suka riga suka yi aure take magana, amma wanda ke shirin aure ba shi da ma'aunin da ya fi wannan. Abin da saurayin 'yata yake yi ya saɓa wa duka ukun: ƙaramin abu, ga kowa, a gefe guda.

Yanzu bari in koma kan saƙon da ta fara rubutawa. Ya buɗe da "kullum kai," ya bi da jerin laifuffuka tun na bara. Ta kira shi ɗan Hajiya. Ta ce yayarsa ba ta ƙaunarta tun farko. Ta rufe da cewa ya zaɓa, ko ita ko su. Na ce mata, "'Yar nan, wa kike rubuta wa wannan?" Ta ce shi mana. Na ce, "Mutumin da kike ƙorafin yana tura saƙonninki gida, shi za ki ba wannan? Ki ɗauka Hajiya ce za ta fara karantawa." Ta yi shiru. Wannan ita ce ƙa'idar farko ga duk wadda za ta rubuta irin wannan saƙo: kada ki sa kalmar da za ki ji kunya idan an karanta ta a gaban mahaifiyarsa. Kuma kada ki taɓa sa namiji ya zaɓa tsakaninki da uwarsa. Idan ya zaɓe ta kin rasa, idan ya zaɓe ki kin auri wanda zai iya juya wa uwarsa baya, kuma ranar da ya yi nadama a kanki zai huce.

Muka share, muka sake. Ta yi ta faɗa ina tayar da ita, har muka tsaya a kan wannan, kuma da izininta nake kawo shi:

"Assalamu alaikum Yaya, ya kasuwa? Akwai maganar da ke raina, na ga gara in rubuta don kada in faɗe ta ba daidai ba. Ranar da muka saɓa a kan aikina na faɗi kalmar da ba ta dace ba, na ba ka haƙuri ka haƙura. Amma ranar kawo lefe an maimaita kalmar a gaban iyayena. Saƙon muryar da na aiko maka a kan gida ma na samu labarin an saurare shi. Na ji kunya ƙwarai, don kai kaɗai na yi wa magana. Na san ba don ka ci min fuska ka yi ba, kuma ina son yadda kake girmama Hajiya, yana cikin abin da ya sa na amince da kai. Tsorona shi ne mu muna shiryawa, su kuma ba sa ganin shirin, sai ɓacin ran ya zauna musu. Ina so in shiga gidanku Hajiya tana kallona a matsayin 'ya. Alfarmar da nake nema ita ce idan mun saɓa mu ba kanmu kwana uku kafin wani ya ji. Idan abin ya fi ƙarfinmu, mu zaɓi babba ɗaya a wajenku, ɗaya a wajenmu, mu kai musu tare da sanin juna. Saƙona kuma don Allah kada ya wuce wayarka. Ni ma na ɗaukar maka wannan alkawari a kan 'yan gidanmu da ƙawayena. Idan ka zo sai mu ƙarasa."

Kowane yanki na saƙon nan da dalilinsa. Ta fara da laifinta, domin namijin da aka fara da nasa laifin ba ya karanta sauran, amsa yake shiryawa. Ta kawo abu biyu da suka faru, da ranarsu, maimakon "kullum," saboda "kullum" ana musa ta da misali ɗaya, amma ranar lefe ba ta musuwa. Ba ta ambaci wadda ta yi maganar ba, ba ta kuma fallasa ƙanwar da ta tsegunta mata ba, don kada gyara ya koma rigimar wa ya faɗa. Ta wanke niyyarsa kafin ta soki aikinsa. Abin da ya fi muhimmanci, ba ta ce ya daina magana da danginsa ba. Da ta faɗi haka da ta nemi abin da ba zai yiwu ba, kuma abin da bai kamata ba. Ƙofa ta nema a yi wa maganar, da lokacin buɗe ta.

Kwana ukun ba wani sirri ke cikinsu ba, ni na ba da shawararsu don na lura yawancin saɓanin masu shirin aure ba ya kai haka da rai. Wanda ya kwana uku yana nan daram, to ya cancanci kunnen babba. Zaɓen babban kuwa shi ne inda ake yawan kuskure. Uwa ba ta cika dacewa da wannan aiki ba, ba don ba ta da hankali ko adalci ba, sai don ciwon ɗa ba ya barin ta ta zama alƙali. Haka ita ma uwar yarinyar. An fi samun nasara da kawu, ko baffa, ko goggo, ko malamin da duka biyun suke jin nauyinsa, mutumin da aka san cikinsa ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, wanda zai iya kallon nasa ya ce kai ne ba ka kyauta ba.

Layin ƙarshe na alkawari kuwa sai da muka yi ja-in-ja kafin ta yarda a sa shi. Na tambaye ta, "Ke wa kika gaya wa maganar gidan?" Ta ce Umma kawai. Na ce sai wa? Ta ce sai ƙawayenta biyu. To ai shi ke nan. Umman tata ma ta riga ta fara cewa yaron nan kamar ba shi da ra'ayin kansa. Abin da take kuka da shi tana yin irinsa, bambancin kawai shi ne shi ba a gidansu zai zauna ba, don haka bai ji zafin ba tukuna.

Akwai iyaka, kuma ba zan rufe baki a kanta ba, domin kalmar rufin asiri ta kashe mata da yawa a tsaye. Abin da ake rufewa shi ne saɓani: musu a kan kuɗin anko, kishi, jinkirin amsa waya, kalmar da ta kuɓuce cikin fushi. Cuta ba a rufe ta. Idan ya ɗaga mata hannu tun ana zance, ko ya yi barazana, ko ta gano yana shaye-shaye, ko ya ɓoye wani ciwo ko aure ko bashi mai nauyi, ko yana matsa mata a kan abin da Allah ya haramta kafin aure, wannan ba ya jiran kwana uku, ranar za a gaya wa waliyyi. Haka shi ma idan ya ga irin wannan a wurinta, danginsa suna da haƙƙin sani kafin a ɗaura. Lokacin neman aure ai lokacin bincike ne. Da Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta nemi shawarar Manzon Allah a kan masu neman aurenta biyu, ya gaya mata aibin kowanne a fili, ɗaya ba shi da dukiya, ɗaya kuma yana da saurin hannu a kan mata, ya nuna mata Usamatu ɗan Zaidu. Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar maƙon mijinta Abu Sufyan, ba a ce ta tona asiri ba, fatawa aka ba ta. Imam Nawawi a Riyadus Salihin ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama gibar da aka hana, daga ciki akwai kai ƙarar zalunci, da neman fatawa, da ba da shawara ga mai neman haɗa zuri'a. Duk a wurin wanda zai iya gyara ake kai su. Don irin wannan ne ake da iyaye da masu unguwa da alƙalai, kuma a Kano Hukumar Hisbah, wadda aka kafa da doka a 2003, sulhun ma'aurata yana cikin manyan ayyukanta. Ina kuma jan kunnen 'yan mata: saurayin da ya ce kada ki kuskura ki gaya wa kowa komai, har iyayenki, yana kuma raba ki da ƙawaye da 'yan'uwa, wannan ba sirri yake karewa ba, kansa yake karewa. Saƙon 'yata ya bar hanyar zuwa wurin manya a buɗe ga su biyun, da gangan muka bar ta.

Ta tura saƙon bayan sallar isha'i. Ya karanta bai amsa ba. Washegari ma shiru, ta kira ni har sau uku tana cewa ta ɓata komai. Na ce ta bar shi, kada ta bi da wani saƙon, wanda aka nuna wa abin da bai taɓa gani a kansa ba yana buƙatar ya ɗan zauna da shi. A rana ta biyu ya zo da kansa. Da farko kare kansa ya yi, ya ce shi shawara yake nema, ba gulma ba. Ta ce ta yarda, amma shawara ai ba ta buƙatar muryarta. A nan ya yi shiru. Sai ya yi tambayar da ta nuna min cewa yaron yana da gaskiya a zuciyarsa: "To idan Hajiya ta tambaye ni me ke damuna, ƙarya zan yi mata?" Ta ce a'a, ya ce mata sun ɗan saɓa ne amma suna gyarawa, ta sa musu albarka. Gaskiya ce, kuma uwa ta samu abin da za ta yi wa ɗanta, wato addu'a. Suka tsayar da kawunsa, ƙanen Hajiya, a wajensu, ni kuma a wajenmu.

Saura aiki ɗaya, wanda ya fi sauran wuya, kuma shi kaɗai zai iya yin sa. Rabin labarin da ya kai gida yana nan a zaune, sai ya kai ragowar. Na sa ta roƙe shi ya koma wurin Hajiya ya faɗa mata da bakinsa cewa maganar aiki shi ne ya fara sauya alkawari, cewa yarinyar ta ba shi haƙuri tun a lokacin, kuma maganar gidan yawa tsoron rashin sabo ne, ba ƙin danginsa ba. Ya ɗauki kusan mako guda kafin ya iya. Ƙanwar ta ce da ya gama Hajiya ba ta ce komai ba sai, "To me ya hana ka faɗa min haka tun farko?"

An ɗaura aure, sun tare a sashen gidan, bisa yarjejeniyar za su kama haya bayan shekara. Tana zuwa makarantarta. Hajiya ta sake da ita sosai, har takan ajiye mata abincin rana idan ta makara. Babbar yayar kuwa har yau da ɗan sanyi-sanyi tsakaninsu, don ita ce ta ji saƙon muryar da kunnenta, kuma minti huɗun nan ba su gama fita daga kanta ba. Ni da kawun nasa sau ɗaya aka kira mu zuwa yanzu, a wata na biyar, a kan kuɗin cefane. Muka zauna da su a falon kawun bayan magariba, kowa ya faɗi nasa a gaban ɗan'uwansa, muka tashi kafin isha'i.